Yadda ake rubuta rahoton kwamitin tantance tayin kwangila: daga buɗe ambulan zuwa sunan wanda aka zaɓa

Ranar da aka fara ba ni rubuta rahoton kwamitin tantance tayi a nan Damagaram, na cika shafi uku da kalmomi irin su "wannan kamfani ya ƙware", "kayansa suna da inganci". Kowa ya sa hannu. Bayan sati biyu ɗan kwangilar da ya faɗi ya aiko da wasiƙa yana tambayar abu guda: a wane shafi na takardunsa aka ga abin da ya sa aka rage masa maki biyar? Muka duba rahoton, babu amsa a ciki. Mun yi aikin da gaskiya, amma takardar ba ta iya kare mu ba, dole aka sake zama.

Tun daga nan ma'aunin da nake auna rahoto da shi ɗaya ne. Idan aka miƙa shi ga wanda bai shiga ɗakin ba, aka haɗa masa da takardun ƴan kwangila da na'urar lissafi, shin zai sake lissafin ya fito da sunan da muka fito da shi? Duk abin da ke ƙasa hanyar kaiwa ga haka ne.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman nawa ne, na tsara su don koyarwa. Mu ɗauka wata ƙungiyar raya karkara tana son sayen famfo shida masu aiki da hasken rana, da faifansu da ɗaurawa, don rijiyoyin burtsatse shida a ƙauyukan wajen Mirya. Kamfani biyar suka kawo tayi.

Kafin a taɓa ambulan

Abu na farko da za ka ɗauko shi ne kundin kiran tayi, wato dosiyen da aka sayar wa ƴan kwangila. Ka kwafe ma'aunan tantancewa daga cikinsa zuwa rahotonka kalma da kalma, da makin kowane ɗaya. Kwamiti ba shi da ikon ƙara ma'auni ko rage nauyinsa bayan ya ga tayin mutane. Idan dosiye bai ce za a ba da maki don kamfani yana da shago a Damagaram ba, to shagon ba ya cikin lissafi, ko da kowa a ɗakin yana ganin ya dace.

A nan ne kuma za ka gane ko aikinku na maki ne ma. A kwangilolin gwamnati na sayen kaya da na gini, abin da aka saba shi ne a duba wanda ya cika sharuɗɗa, sannan a ba mafi arha daga cikin waɗanda suka cika. Maki da haɗa inganci da farashi an fi yinsa a aikin masu bincike da ba da shawara, da kuma a ƙungiyoyi da furoje-furojen da dokar mai ba da kuɗinsu ta tanadi haka. Na ga kwamitin da ya ƙirƙiro maki a inda dosiye ya ce mafi arha, aikin nan gaba ɗaya ya rushe.

A misalinmu dosiye ya tanadi maki 100 na inganci: 40 ga dacewar kaya, 20 ga ayyukan baya, 15 ga lokacin kawowa, 25 ga garanti da gyara bayan sayarwa. Wanda bai kai 70 ba ya fita. A ƙarshe inganci yana ɗaukar kashi 70 cikin ɗari, farashi kashi 30.

Shafin farko na rahoto gajere ne: lambar kiran tayi, ranar da aka buga shi da inda aka buga, takardar da ta naɗa kwamiti, sunayen membobi da muƙamansu, wuri da rana da sa'a. Sai takardar da kowane memba ya sa wa hannu cewa ba shi da wata alaƙa da masu tayi. Wannan takarda a garinmu ba ta al'ada ba ce kawai. Daga Birni zuwa Zango da wuya ka sami ɗan kasuwar da ba surukin wani ba ne ko abokin karatunsa. Wanda ya ga sunan ɗan'uwansa ya faɗa, ya fita, a rubuta fitarsa da sa'ar da ya fita da sunan wanda ya maye gurbinsa. Ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne a ji labarin daga baya a bakin kasuwar Dole.

Zaman buɗewa: ka rubuta abin da aka karanta kawai

Ana buɗe ambulan a gaban wakilan kamfanoni, kuma a kwangilar gwamnati za ka ga wusiye yana nan yana shaida. Aikinka a wannan zama shi ne ka rubuta abin da aka karanta da ƙarfi: sunan kamfani, farashi, rangwame idan akwai, lokacin kawowa, da ko takardar lamunin banki tana ciki. Ba a yanke wa kowa hukunci a nan. Wanda ya zo bayan sa'ar rufewa ne kaɗai ake mayar wa ambulan ɗinsa a rufe, a rubuta sa'ar da ya iso.

Farashin da aka karanta, ba tare da haraji ba kamar yadda dosiye ya nema: na 1 sefa 41.400.000, na 2 sefa 36.900.000, na 3 sefa 29.500.000, na 4 sefa 38.200.000, na 5 sefa 34.000.000.

Wata ƴar shawara: ka kwafi adadin daga takarda da idonka, kada ka rubuta shi daga kunne. Mu da muka tashi muna ƙirga kuɗi da dala da jika, idan shugaba ya karanta da Faransanci sannan wani ya maimaita da Hausa, nan da nan sifiri ɗaya yake ɓacewa. Kuma membobi su sa ƴar alamar hannunsu a shafukan farashi na kowane tayi tun a zaman, don kada a ce an sauya shafi daga baya.

Tacewar farko

Bayan wakilai sun tafi, a rufe ƙofa a duba takardun da dosiye ya wajabta: rajistar kasuwanci, lambar haraji ta NIF, shaidar biyan haraji, shaidar biyan kuɗin asusun ma'aikata na CNSS, wasiƙar tayi mai sa hannu, da lamunin banki. Kada ka tsaya ga "akwai" ko "babu". Ka duba ranar da kowace takarda ta ƙare, ka duba ko sunan da ke kanta shi ne na mai tayin.

Na 5 a nan ya tsaya. Dosiye ya ce lamunin banki ya yi aiki kwana 120, nasa na kwana 60 ne. Ga yadda za a rubuta: "An fitar da tayi na 5. Sashe na kaza na dosiye ya nemi lamuni na kwana 120. Takardar bankin da ke shafi na 9 na tayin ta nuna kwana 60." Jimla uku sun isa, amma sashen da shafin dole su fito. "Takardunsa ba su cika ba" ba dalili ba ne, mafarin rigima ne.

Ka bambanta gurbin da ya taɓa ainihin tayi da ƙaramin kuskuren da bai taɓa komai ba. Kamfanin da ya kawo kwafi biyu maimakon uku bai cancanci a kore shi ba, sai dai idan dosiye ya faɗi haka ƙarara. Duk sassaucin da aka yi wa ɗaya, a rubuta shi kuma a yi wa kowa.

Maki: kowace lamba da shafinta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake roƙon a ba shi lokaci. Kowane memba ya fara ba da makinsa shi kaɗai a takardarsa, ya sa hannu, kafin a haɗu a kwatanta. Idan aka fara da tattaunawa, makin babban da ke ɗakin ne kowa zai kwafa, domin tarbiyyarmu ba ta barin yaro ya saɓa wa babba a bainar jama'a. Takardun ɗaiɗaikun nan ana liƙa su a bayan rahoto. Inda makin mutum biyu ya yi nisa da juna, a koma shafin a karanta tare, a rubuta abin da aka daidaita a kai da dalilinsa.

Dosiyen misalinmu ya raba maki 40 na dacewar kaya: famfo 20, faifan hasken rana 12, akwatin sarrafawa da waya 8. Abin da aka nema ga famfo shi ne ya ba da ruwa mita kubik 5 a awa daga tsayin mita 90. Na 3, wanda ya fi kowa arha da nisa, ya rubuta a wasiƙarsa cewa famfonsa yana ba da mita kubik 5. Gaskiya ne, amma a wane tsayi? Mai aikin ruwa na kwamitin ya buɗe takardar masana'antar da shi kansa na 3 ya saka, ya ɗora yatsa a kan zanen da ke nuna ruwa da tsayi, ya bi layin har mita 90. A wurin, famfon mita kubik 2 yake bayarwa. Biyar ɗin sai a rijiya marar zurfi. Duk famfo haka yake, ruwansa yana raguwa gwargwadon tsayin da yake turawa, shi ya sa adadin ruwa ba tare da tsayi ba ba ya nufin komai. Na 3 ya sami sifiri a famfo, jimlarsa ta tsaya 60, bai kai 70 ba. A rahoto aka rubuta shafin zanen, da tsayin, da adadin da aka karanta.

Shugabar kwamitin ta numfasa ta ce, "Malam, ka san za a ce mun bar mai arha da kusan miliyan goma sha biyu." Ya ce, "Hajiya, ai gara a faɗa yanzu da a ce matan ƙauye sun kwana a layi da jarka a watan Afrilu." Amsarsa daidai ce, amma ba ita za a rubuta ba. Rahoto ba ya ɗaukar tausayi ko hasashe, shafin zanen kawai yake ɗauka.

Saura uku. Na 1 ya sami 90: dacewar kaya 40, ayyukan baya 20, lokaci 10, garanti da gyara 20. Na 2 ya sami 86: 36, 15, 15, 20. Na 4 ya sami 75: 40, 10, 10, 15. Tazarar na 1 da na 2 maki huɗu ne kacal, don haka kowane ɗaya daga cikinsu yana buƙatar bayani.

Maki huɗu na 2 ya rasa a akwatin sarrafawa, saboda takardarsa ba ta nuna na'urar da ke kashe famfo idan ruwan rijiya ya ja baya ba. Duk wanda ya san ƙasarmu, da dutsen da ke ƙarƙashinta da yadda ruwa yake sauka da rani, ya san famfon da ya juya babu ruwa yana ƙonewa. Kwamiti ya rubuta wa na 2 wasiƙar neman ƙarin haske. Ya amsa cewa samfurin da ya saka ba shi da na'urar, amma zai ƙara ta kyauta. Ba a karɓa ba. Neman haske ana yinsa ne don a fahimci abin da ke cikin tayi, ba don a ba mutum damar gyara tayinsa bayan ya ji farashin abokan takararsa ba. Wasiƙar da amsar duka suna shiga bayan rahoto. Kuma a rubuce ake yi, ba ta waya ba. Memban da ya kira ɗan kwangila "don ya tambaye shi abu kaɗan" ya riga ya buɗe ƙofar zargi.

A ayyukan baya, dosiye ya ba da maki 5 ga kowane aiki makamanci da ke da shaidar kammalawa, har guda huɗu. Na 2 ya kawo huɗu, amma na huɗun takardar oda ce kawai, babu shaidar an gama aikin an karɓa. Wani memba ya ce shi da idonsa ya ga famfon yana aiki a hanyar Magarya, a ba shi makin. Sauran suka ƙi, domin abin da ke cikin ambulan ake aunawa, ba abin da memba ya sani ba. Ya tsaya a kan ra'ayinsa, sai aka rubuta: "Memba ɗaya ya nemi a ƙirga aiki na huɗu, mafi rinjaye sun ƙi saboda sashe na kaza ya nemi shaidar kammalawa." Kada ka ɓoye saɓani don rahoto ya yi kyau. Rahoton da ya nuna an yi gardama an warware ta ya fi ƙarfi a gaban mai bincike.

Na 2 ya fi na 1 da maki biyar a lokaci, tunda ya yi alkawarin kwana 45, na 1 kuma kwana 60. Wannan ma a rubuta shi da irin wannan kulawa. Rahoton da ke lissafa laifin wanda ya faɗi kaɗai, ya yi shiru a kan inda ya yi fice, kowa zai ji ƙanshin son kai a cikinsa.

Gyaran lissafi, inda sakamako ya juya

Kafin a ba farashi maki, a ɗauki jerin farashin kowane kamfani a sake ninkawa layi bayan layi. Ƙa'idar da dosiye kan ɗauka ita ce: idan farashin guda da jimlar layi suka saɓa, farashin guda ake bi a gyara jimla, idan adadi da haruffa ya saɓa da adadi da lambobi, na haruffa ake bi.

A tayin na 2, faifai 72 ne a kan sefa 95.000 kowane. Ninkin ya kamata ya ba da 6.840.000, amma ya rubuta 5.840.000. Aka ƙara miliyan ɗaya, tayinsa ya koma 37.900.000. Da farashin ya haɗa da harajin TVA, wanda yake kashi 19 cikin ɗari, da sai a gyara harajin shi ma a kan sabon adadin. An sanar da na 2 gyaran a rubuce, ya amince. Na 1 da na 4 ba a sami kuskure a nasu ba, kuma wannan ma aka rubuta, don a san an duba.

Ga lissafin makin farashi, yadda ake yawan samunsa a dosiye:

```
Sf = 100 × Fm / F
S  = 0,70 × St + 0,30 × Sf
```

Fm shi ne farashi mafi ƙasa a cikin waɗanda suka tsallake, bayan gyara. F farashin kamfanin da ake aunawa, St makinsa na inganci, Sf makinsa na farashi, S kuma jimlarsa ta ƙarshe. Ka lura da "waɗanda suka tsallake": farashin na 3 da na 5 ba sa shiga, tunda sun fita. A tsarin ambulan biyu ma ba a buɗe nasu, a rufe ake mayar musu.

Saboda haka Fm ya zama 37.900.000. Na 2 ya sami 100 a farashi, na 4 ya sami 99,21, na 1 ya sami 91,55. Jimlar ƙarshe: na 1 ya tashi da 63 da 27,46, wato 90,46. Na 2 ya tashi da 60,20 da 30, wato 90,20. Na 4 ya tsaya a 82,26.

Yanzu ka gwada lissafin ba tare da gyaran miliyan ɗayan nan ba. Fm zai zama 36.900.000, makin farashin na 1 ya sauka zuwa 89,13, jimlarsa ta koma 89,74, na 2 kuma yana nan a 90,20. Da na 2 ne ya ci, a kan layi guda da ba a ninka ba. Shi ya sa nake sa mutum biyu su yi ninkin daban-daban, ɗaya a kwamfuta ɗaya a na'urar hannu, kuma ba na yanke lambobin bayan waƙafi sai a jimlar ƙarshe. Idan tazara ba ta kai maki ɗaya ba, yankewa da wuri kaɗai tana iya sauya wanda ke gaba.

Sakin layin dalili

Duk abin da ya gabata yana taruwa a sakin layi ɗaya, kuma shi ne mutane suka fi karantawa. Dole ya amsa tambayar da kowa zai yi: me ya sa aka zaɓi wanda ya fi tsada da sefa 3.500.000? Ga yadda zan rubuta shi:

"Kwamiti yana ba da shawarar a ba kamfani na 1 kwangilar a kan sefa 41.400.000 ba tare da haraji ba, kawowa da ɗaurawa cikin kwana 60. Ya zo na ɗaya da maki 90,46 bisa tsarin kashi 70 da 30 na dosiye. Na 2 ya zo na biyu da 90,20: ya fi arha da sefa 3.500.000 kuma ya fi saurin kawowa, amma ya rasa maki 4 saboda rashin na'urar kare famfo daga juyawa babu ruwa, da maki 5 saboda aiki na huɗu ba shi da shaidar kammalawa, kuma an ƙara wa tayinsa sefa 1.000.000 na gyaran ninki. Adadin da aka ba da shawara bai wuce kuɗin da aka ware ba."

Kalmar ita ce "shawara". Kwamiti ba ya ba da kwangila, mai ikon sa hannu ne yake bayarwa, bayan masu sa ido sun duba. Kafin rubuta sunan kuma, a tabbatar wanda ya zo na ɗaya yana da ƙarfin yin aikin kamar yadda dosiye ya nema, a kira bankin ko ma'aikatar da ta ba shi shaida ta hanyar wasiƙa idan akwai shakka. Ka guji kalmomi irin su "sanannen ɗan kasuwa ne" ko "mun taɓa aiki da shi lafiya". Idan ba sa cikin ma'auni, shigarsu rahoto makami ne ka miƙa wa mai ƙara.

Sa hannu da ajiya

A karanta rahoton da ƙarfi a gaban kowa kafin a tashi, kowane memba ya sa alama a kowane shafi, ya sa cikakken hannu a na ƙarshe, da ranar gaskiya. Na taɓa barin sa hannu sai gobe saboda wuta ta ɗauke ba mu iya bugawa ba, washegari memba ɗaya ya tafi ta'aziyya Gure, takarda ta kwana tara tana jira, labarin wanda ya ci kuma ya riga ya zaga gari. Yanzu idan babu wuta, da biro muke cika jadawalin maki mu sa hannu a kansa a ranar, bugawa ta biyo baya.

Wasiƙun da za a aika wa waɗanda ba su ci ba daga rahoton nan ake ciro su, kowa da dalilinsa shi kaɗai, ba tare da tona asirin tayin wani ba. A kwangilar gwamnati, wanda bai gamsu ba yana fara kai kukansa ga ma'aikatar da ta kira tayin, idan bai sami biyan buƙata ba ya wuce kwamitin warware saɓani na ARCOP, hukumar da ke sa ido a kan kwangilolin gwamnati a Yamai, wadda a da ake kira ARMP. Kwanakin yin haka ƙayyadaddu ne, ka duba su a dosiye, kuma kada a sa hannu a kwangila kafin su cika. A ƙungiyoyi, hanyar ƙorafin tana cikin dokar mai ba da kuɗi.

Asalin tayi biyar ɗin, da takardun makin kowane memba, da wasiƙun neman haske da amsoshinsu, da jerin waɗanda suka halarci buɗewa, a ɗaure su wuri guda da rahoton, a rubuta lambar kiran tayi a bango, a sa a kabad mai makulli nesa da ƙasa saboda gara. Lamunin bankin na 2 kuma kada a yi gaggawar mayar masa: a riƙe shi har na 1 ya sa hannu ya kawo lamunin kyakkyawan aiki, domin idan na 1 ya janye, na 2 ne ke biye.